Tambayoyi da Amsoshi Kan Rubuta Gajeren Yabo ga Telan da Ya Gama Kayan Biki a Kan Lokaci

Mutane da yawa sukan so su yaba wa telan da ya fitar da su kunya a lokacin biki, amma idan suka zo rubutawa sai su tsaya a kan kalmomi biyu ko uku waɗanda ba su gaya wa mai karatu komai. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abu guda ne, wato yadda za a rubuta gajeren sharhi na yabo a intanet wanda amarya ko ango ko iyayensu za su karanta su iya yanke shawarar kai ɗinkinsu wurin wannan telan ko kuwa su nemi wani.

Me ya sa bai isa in rubuta cewa ya iya ɗinki kuma ya cika alkawari ba?

Domin kusan kowane sharhi na yabo haka yake cewa, kuma wanda yake neman tela yana da ranar biki a gabansa wadda ba za ta ɗaga ba. Abin da yake so ya sani shi ne ko wannan telan zai iya gama irin nasa aikin a cikin kwanakin da suka rage masa. Jimlar da ta ce tela ya cika alkawari ba ta amsa wannan tambayar, domin ba ta faɗi wane alkawari aka yi ba, ba ta faɗi girman aikin ba, ba ta kuma faɗi ko an ba telan wata uku ne ko mako biyu ba. Telan da ya gama riga mara ado a cikin wata uku ya cika alkawari, haka ma wanda ya gama riga mai shafi da aikin duwatsu a cikin kwana ashirin, amma shaidar da ake bayarwa a kan su biyun ba ɗaya ba ce. Yabon gwani ya zama dole, sai dai yabon yakan yi wa telan amfani ne idan ya zo da hujjar da baƙo zai iya aunawa da kansa.

Waɗanne ranaku ne ya kamata su fito a cikin sharhin?

Ranaku huɗu ne suke da muhimmanci, kuma ana iya faɗarsu duka a cikin jimla ɗaya ko biyu. Ta farko ita ce ranar da aka miƙa yadi aka kuma ɗauki awo, domin daga nan ne lissafin telan yake farawa. A kula cewa ranar da aka fara magana da shi ba ita ce ranar fara aiki ba. Idan an je an yi ciniki sannan ba a kawo yadin ba sai bayan kwana goma, to ranar da yadin ya shiga hannunsa ita za a rubuta, in ba haka ba za a nuna kamar ya fi jinkiri fiye da yadda ya yi. Ta biyu ita ce ranar da ya yi alkawarin gamawa. Ta uku ita ce ranar da aka karɓi kayan a gama, da guga da komai. Ta huɗu kuwa ita ce ranar bikin kanta.

Ba lallai ne a rubuta kwanan wata ba, kuma sau da yawa ya fi kyau a rubuta tazarar da ke tsakanin ranakun, domin mai karatu ba ya son ya zauna yana ƙirga a kalanda. A ɗauki misali. An kai yadi ranar 3 ga wata, telan ya ce a zo ranar 24 ga wannan watan, an karɓi kayan ranar 22, biki kuma ranar 5 ga wata mai zuwa ne, watan da aka kai yadin kuwa mai kwana 30 ne. Daga 3 zuwa 24 mako uku ne cif, saboda haka alkawarinsa na mako uku ne. Ya gama a cikin kwana 19, wato saura kwana biyu ranar alkawari ta cika. Daga 22 ga wata zuwa 5 ga wata mai zuwa kuwa kwana 13 ne, kusan mako biyu ke nan kafin biki. To, a cikin sharhin sai a rubuta cewa ya yi alkawarin mako uku, ya gama saura kwana biyu, kuma kayan sun iso hannu kusan mako biyu kafin biki. Duk wanda ya karanta wannan zai iya kwatanta shi da lokacin da ya rage masa nan take.

Akwai kuma wani ƙarin bayani da yake da nauyi ƙwarai, wato ko an kai ɗinkin ne a lokacin da aiki ya yi wa teloli yawa. Telan da ya cika alkawari a lokacin da kaya suka cika masa shago ya nuna cewa ya san iya abin da zai karɓa, kuma wannan ita ce ɗabi'ar da mai neman tela yake nema, ko da bai san sunanta ba. Sau da yawa saɓa alkawari a wannan sana'a daga karɓar aikin da ya fi ƙarfin hannu yake tasowa, ba daga rashin iya ɗinki ba. Idan mai rubutu ya ga shagon a cike da kaya lokacin da ya je, ya dace ya faɗa cikin kalmomi kaɗan.

Telan ya gama kayan ana gobe biki, kuma ranar ce ya yi alkawari. Shin in ce ya gama a kan lokaci?

Za a iya faɗin haka, tunda bai saɓa abin da ya ɗauka ba, amma wajibi ne a faɗi tazarar yadda take. Kayan da aka karɓa ana gobe biki ba su bar wurin gyara ba. Da zif ya ƙi rufewa, ko hammata ta matse, da babu abin da za a iya yi face a sa su haka ko a nemi wasu kayan cikin gaggawa. Saboda haka idan mai rubutu ne ya kai ɗinkin a makare, telan kuma ya taimaka ya karɓa a hakan, sai a rubuta cewa aikin gaggawa ne kuma ya fitar da shi, domin wannan yabo ne na musamman da zai amfani wanda yake cikin irin wannan matsi. Idan kuwa an ba shi isasshen lokaci shi ya zaɓi ya sa ranar karɓa dab da biki, to ya dace a ƙara shawara ga mai karatu cewa ya nemi a sa masa ranar karɓa aƙalla mako guda kafin nasa bikin. Wannan ba suka ba ce ga telan, bayani ne kan yadda ake mu'amala da shi.

Wane bayani zan yi game da kayan kansu?

A faɗi abin da aka ɗinka da yawansa, sannan a ambaci abin da ya sa aikin ya yi nauyi, idan akwai shi. Abubuwan da suke cin lokacin tela sanannu ne: shafi, domin riga mai shafi kusan ɗinki biyu ce a haɗe, aikin ado na zare a wuya ko ƙirji ko bakin hannu, duwatsu da ake ɗinkawa ɗaya bayan ɗaya da hannu, da kuma yadi mai wahalar sarrafawa. Leshi yana buƙatar a daidaita zanensa a inda gefe biyu suka haɗu, siliki da yadi mai santsi suna zamewa a ƙarƙashin keke suna kuma nuna duk inda allura ta ratsa, karammiski kuwa dole ne a yanka dukkan sassansa ta fuska ɗaya, in ba haka ba sashe ɗaya zai fi ɗaya duhu. Idan kayan sun ƙunshi ɗaya daga cikin waɗannan, ambatonsa kawai ya isa ya nuna wa mai karatu darajar lokacin da aka faɗa.

Ya kuma kamata a faɗi ko hoto aka kai wa telan ya kwaikwaya, ko kuwa shi ne ya zana salon. Mutane da yawa da hoto suke zuwa, kuma babban tsoronsu shi ne a ba su abin da bai yi kama da hoton ba. Idan abin da aka karɓa ya yi daidai da hoton, a faɗa. Idan kuma telan ya ba da shawarar a sauya wani abu, misali ya ce yadin da aka kawo ya yi taushi ba zai tsaya kamar na cikin hoton ba sai an sa masa shafi mai kauri, kuma shawarar ta yi amfani, to wannan yana daga cikin mafi kyawun abin da za a iya rubutawa. Yana nuna cewa telan yana faɗin gaskiya kafin ya sa almakashi, lokacin da gaskiyar take da amfani.

Shin ambaton gwaji da gyara ba zai rage wa yabon armashi ba?

Ba zai rage ba, a ganina ma shi ne yake ba yabon ƙarfi. Wasu sukan ɓoye cewa an yi gyara domin suna ganin kamar hakan yana nufin telan ya yi kuskure. Amma kayan biki masu bin jiki da wuya su zauna daidai daga awo kawai, domin tef yana ba da faɗi da tsawo ne, ba ya nuna yadda kafaɗar mutum ta sauka ko yadda yake tsayuwa. Shi ya sa tela mai lura yake kiran mai kaya ya zo gwaji kafin ya rufe ɗinkin, ya sa allurai a inda ya kamata a rage, sannan ya kammala. Gwaji biyu abu ne da aka saba gani a irin waɗannan kaya, na farko domin daidaita jiki, na biyu domin tabbatar da tsawo da sauran ƙananan abubuwa.

Abin da ya kamata a rubuta shi ne sau nawa aka yi gwaji, me aka gyara, da kuma tsawon lokacin da gyaran ya ɗauka. Jimla irin wannan ta wadatar: a gwajin farko ƙugu ya yi yawa da kusan inci ɗaya, ya rage shi, washegari aka sake gwadawa ya zauna. Akwai kuma wata alama ta ƙwarewa da ya dace a ambata idan an lura da ita, wato ko telan ya bar rarar yadi a cikin ɗinkin gefe. Rage riga abu ne mai sauƙi, amma buɗa ta ba ya yiwuwa sai gwargwadon rarar da aka bari a ciki. A ɗinki na yau da kullum akan bar kimanin santimita ɗaya da rabi, amma a kayan biki tela mai hangen nesa yakan bar fiye da haka, domin jikin mutum yana iya sauyawa a cikin makonnin da ke tsakanin awo da biki. Haka nan idan ya nemi a zo da takalmin da za a sa ranar biki kafin ya yi kalmasar ƙasan riga ko wando, a rubuta, domin tsawon dunduniyar takalmi shi yake tantance inda kalmasar za ta tsaya.

Ni ba tela ba ce. Ta yaya zan yi magana kan ingancin ɗinki ba tare da na faɗi abin da ban sani ba?

Ba a buƙatar sanin sana'ar kafin a ba da shaida a kan abin da ido ya gani ko jiki ya ji. A juya rigar a dubi cikinta. Idan bakin yadin a ɗinke yake ba ya tsefewa, babu zaren da ke reto, layin ɗinkin kuma a miƙe yake bai tattare ba, to an gama aikin da kyau. A ja zif sama da ƙasa sau biyu ko uku a ga ko yana tafiya ba tare da ya ciji yadi ba. A dubi kafaɗa a madubi, domin ɗinkin kafaɗa ya kamata ya tsaya daidai inda kafaɗar ta ƙare, kuma nan ne wurin da ya fi wahalar gyarawa idan an kuskure shi tun farko. A dubi ko shafi yana leƙowa ta ƙasa ko ta bakin hannu.

Sauran shaidar kuwa ranar bikin ce take bayar da ita. Shin an iya ɗaga hannu ba tare da rigar ta ja ba? An iya zama ba tare da ƙugu ya danne numfashi ba? Bayan an shafe yini ana tashi ana zama ana gaisawa da jama'a, akwai inda ya farke, ko maɓalli ya cire, ko dutse ya faɗi? Wanda ya rubuta cewa ya sa kayan daga safe har dare babu abin da ya saki, ya faɗi abin da tela ba zai iya faɗa wa kansa a yarda da shi ba. Ba sai an lissafa dukkan waɗannan ba. A zaɓi biyu ko uku waɗanda suka fi burge mai rubutu da gaske.

Yaushe ne ya fi dacewa a rubuta sharhin?

Bayan biki, amma ba da nisa ba. Wanda ya rubuta a ranar da ya karɓi kaya yana ba da shaida ne a kan lokaci kawai, bai san yadda ɗinkin zai jure ba tukuna. Wanda ya bari har watanni suka wuce kuwa yakan manta ranakun, sai ya koma ga kalmomi na gama-gari. Mako na farko ko na biyu bayan biki ya fi dacewa, kuma rasit ko saƙonnin da aka yi musaya da telan za su taimaka wajen tabbatar da ranakun kafin a rubuta su.

Yaya tsawonsa ya kamata ya kasance, kuma yaya kamanninsa?

Jimla biyar zuwa bakwai sun isa, wato kalmomi tamanin zuwa ɗari da ashirin. A yawancin wuraren da ake rubuta irin wannan sharhi, layukan farko ne kawai suke bayyana kafin mai karatu ya danna ya ga sauran, saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ya kamata ya zo a jimlar farko, ba gaisuwa ko godiya ba. Ga irin rubutun da aka fi gani:

"Gaskiya wannan telan gwani ne, ba ni da abin cewa sai godiya. Ya yi mini ɗinki mai kyau sosai kuma a kan lokaci. Kowa sai tambaya yake wa ya ɗinka. Ina ba kowa shawarar ya je wurinsa."

Babu ƙarya a cikinsa, kuma zuciyar mai rubutun a fili take, amma za a iya ɗaukarsa a liƙa a ƙarƙashin sunan kowane tela ba tare da an sauya kalma ɗaya ba. Ga shi kuma an sake rubuta shi da ranakun misalin da aka kawo a sama:

"Ya yi alkawarin gama rigar bikina cikin mako uku, ya kuma gama saura kwana biyu, kusan mako biyu kafin biki, duk da cewa shagon cike yake da aiki a lokacin. Doguwar riga ce ta leshi mai shafi da duwatsu a wuya, kuma ta fito kamar hoton da na kai masa. Mun yi gwaji biyu. A na farko ƙugu ya yi yawa, ya rage shi washegari ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ya nemi in zo da takalmina kafin ya yi kalmasa, shi ya sa tsawon ya yi daidai. Na sa ta daga safe har dare, babu inda ya farke, babu dutsen da ya faɗi. Ina farin ciki ƙwarai da aikinsa, kuma shawarata ga mai zuwa ita ce ya kai yadi da wuri ya kuma zo da takalminsa ranar gwaji."

A lura cewa na biyun bai rasa zafin yabo ba, sai dai ya jinkirta kalmar farin ciki har zuwa ƙarshe, bayan an riga an ga dalilinta. Jimlar farko ta ɗauki lokaci, ta biyu ta ɗauki girman aikin, ta uku zuwa ta biyar sun ɗauki gwaji, ta shida ta ɗauki ƙarkon ɗinkin. An kuma cire maganar cewa kowa yana tambayar wanda ya ɗinka. Ba laifi ba ne a bar ta idan gaskiya ce, amma idan wuri ya yi ƙaranci ita ce ta farko da za ta fita, domin baƙin biki sukan yabi kayan amarya ko da wane tela ya ɗinka su.

In faɗi nawa na biya?

Adadin kuɗin ba shi da amfani sosai, domin ya dogara da yadi da salo da lokacin da aka yi aikin, kuma yana iya sauyawa cikin 'yan watanni, sai wani ya je da wannan adadin a bakinsa ya yi ta jayayya da telan. Abin da ya fi amfani shi ne yadda aka yi mu'amalar kuɗin. Shin farashin da aka yi ciniki a kai tun farko shi aka biya a ƙarshe, ko an ƙara wani abu? Kuɗin ya haɗa da shafi da zif da zaren ado, ko kuwa mai kaya ne ya sayo su? An biya kafin alƙalami, kuma kashi nawa ne na jimlar, rabi ko sulusi? An ba da rasit mai ɗauke da ranar karɓa? Gyaran da aka yi bayan gwaji yana cikin kuɗin ko daban ne? Jimla ɗaya da ta ce farashin bai sauya daga abin da aka yi magana a kai ba ta fi adadi daraja a wurin mai karatu.

Akwai ɗan abin da bai yi mini daɗi ba, ko da yake gaba ɗaya na gamsu. In ambata shi?

Idan abin zai shafi shawarar wani, a ambata shi cikin rabin jimla, tare da yadda aka warware shi. Misali, wataƙila telan ba ya saurin amsa saƙo, amma yana ɗaukar waya idan an kira. Wannan bayani ne mai amfani, domin zai hana mai zuwa tayar da hankali idan ya yi saƙo ya ji shiru. Idan kuwa abin bai wuce zare ɗaya da aka manta ba a yanke ba, to ba ya buƙatar shiga cikin sharhi mai jimla shida.

Game da taurarin da ake ba shago maki da su, a wurare irin su Google Maps ana zaɓa ne daga ɗaya zuwa biyar. Telan da ya gama kafin ranar da ya ɗauka, kayan suka zauna daidai, farashi bai sauya ba, ya cancanci biyar ko da an yi gyara a gwaji. Wasu sukan riƙe tauraro ɗaya bisa tunanin cewa babu aikin da ba shi da aibi, amma ƙaramin shago mai sharhi kaɗan yana jin nauyin kowane tauraro. Idan yana da sharhi uku masu taurari biyar aka ƙara masa ɗaya mai uku, matsakaicinsa zai sauka daga 5 zuwa 4.5, ba tare da mai karatu ya san dalili ba.

Ya dace in haɗa da hoto?

Gani ya kori ji, kuma hoton kayan a jikin mai su ya fi hoton kayan a rataye nuna yadda suka zauna. Hoto ɗaya na tsawon rigar gaba ɗaya da wani na kusa da ke nuna aikin wuya ko cikin ɗinkin sun wadatar. Sai dai sharhin a bainar jama'a yake, yana kuma fitowa ne da sunan da ke kan asusun mai rubutu, saboda haka wanda ba ya son fuskarsa ta bayyana yana iya yanke hoton daga wuya zuwa ƙasa. Kada a sa hoton da ke ɗauke da fuskokin wasu mutane ba tare da izininsu ba, kada kuma a sa hoton rasit mai nuna lambar waya ko adireshi. Haka nan babu buƙatar rubuta adadin awon jiki. Cewa an rage inci ɗaya a ƙugu ya isa, ba sai an faɗi faɗin ƙugun ba.

Shagon yana da teloli da yawa. Wa zan yaba?

A manyan shaguna sau da yawa wanda ya ɗauki awo daban ne, wanda ya yanka daban, wanda ya zauna a kan keke daban, mai aikin ado kuma wataƙila ma ba a shagon yake ba. Idan mutum ɗaya ne ya bi aikin tun daga awo har zuwa gwaji, ambatonsa yana taimaka wa mai zuwa ya nemi shi, yana kuma ɗaga darajarsa a wurin maigidansa. Amma a tambaye shi tukuna ko ya yarda a sa sunansa, kuma a tsaya a kan sunan da aka san shi da shi a shagon. Idan ba a san wanda ya yi wane sashe ba, a yabi shagon gaba ɗaya.

Telan ne ya roƙe ni in rubuta masa yabo, har ya ce zai yi mini ragi a ɗinki na gaba. Akwai matsala?

Roƙon kansa ba matsala ba ne, domin yawancin waɗanda suka gamsu ba sa rubuta komai sai an tuna musu. Ragin ne yake da matsala. Dokokin Google Maps sun hana sharhin da aka rubuta domin a sami ragi ko kyauta, kuma ana iya cire shi idan an gano. Ko da babu doka, yabon da aka biya kuɗinsa ba shaida ba ce, kuma mutumin da zai dogara da shi yana da ranar biki a gabansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a gaya wa telan cewa za a rubuta abin da ya faru ba tare da sharaɗi ba. Kada kuma a bar shi ya rubuta da kansa ya turo a liƙa, domin bayanan da suka fi amfani, kamar yadda kayan suka kasance a jiki ranar biki, ba shi da masaniya a kansu. Idan telan ɗan'uwa ne ko aboki na kusa, ya kamata a faɗi hakan a cikin sharhin.

Idan daga baya wani abu ya lalace a jikin kayan, zan iya sauya abin da na rubuta?

Za a iya, domin a Google Maps mai sharhi yana da damar gyara rubutunsa ko goge shi a duk lokacin da ya so. Amma kafin a yi haka ya kamata a bambance laifin ɗinki da laifin yadi ko na wanki. Yadin auduga da ba a jiƙa shi kafin a yanka ba yana iya tsukewa a wankin farko, launi mai zuba daga yadi yake, dutsen guga mai zafi kuma yana ƙona leshi da siliki. Ɗinkin da ya saki a hammata ko zif da ya ɓalle daga jikin riga bayan sawa biyu kuwa na tela ne. A irin wannan hali sai a fara mayar masa da kayan, sannan a ƙara layi ɗaya a ƙarshen sharhin mai nuna watan da abin ya faru, abin da ya lalace, da kuma ko ya gyara, cikin kwana nawa, da kuɗi ko kyauta. Bayanin farko game da ranakun alkawari da karɓa a bar shi yadda yake, tunda abin da ya faru daga baya bai sauya shi ba.